Bulo nawa katanga za ta ci? Hanyoyin lissafi uku, da wadda ta dace da kai

Duk wanda zai kewaye fili da katanga yakan ji amsa iri-iri idan ya tambayi yawan bulon da zai saya. Wani ya ce masa dubu ɗaya da ɗari takwas, wani ya ce dubu biyu, wani kuma ya kai shi dubu biyu da ɗari biyar, alhali filin ɗaya ne, tsayin katangar ma ɗaya. Galibi babu mai niyyar cuta a cikinsu. Kowa da hanyar da ya bi, kuma kowace hanya akwai abin da take gani, akwai abin da take tsallakewa. Hanyoyin uku ne: lissafin faɗin fuskar katanga, lissafin layi-layi, da lissafin gurbi-gurbi, wato daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi.

Abubuwa huɗu zan auna su da su. Na farko, kusancin amsar da abin da magini zai ɗora a zahiri. Na biyu, sauƙi: me kake buƙatar sani kafin ka fara, kuma lokaci nawa za ta ci maka. Na uku, kuɗin da za ta sa ka kashe ko ka daskarar a bulon da ba a yi aiki da shi ba. Na huɗu kuma ƙarko, ina nufin ko lissafin zai tsaya daram idan aka je fili aka tarar da gangare, ko aka ƙara tsayi, ko bulon ya zo da wani girma daban.

Kafin a shiga hanyoyin, sai an san bulon kansa. Bulon siminti da yashi mai rami biyu da aka saba da shi tsawonsa santimita 45 ne, tsayinsa 22.5, wato inci 18 da inci 9. Idan aka ce bulo inci shida ko inci tara, kaurinsa ake nufi: santimita 15 ko 22.5. Fuskarsu ɗaya ce. Saboda haka katangar da za ta ci bulo dubu biyu na inci tara, dubu biyu za ta ci na inci shida. Bambancinsu yana a farashi da nauyi da yawan kwaɓin da za su sha. Mutane da yawa suna zaton ƙaramin bulo zai fi yawa a ƙidaya, kuma wannan zaton kan sa a ƙara ɗaruruwa babu dalili.

Abu na biyu shi ne kwaɓin da ke tsakanin bulo da bulo. Shi ma yana cin wuri. Magini mai hannu mai nauyi yakan zuba kaurin inci ɗaya, santimita 2.5, wani kuma rabin haka. Idan kwaɓin santimita 2.5 ne, kowane bulo ya mamaye santimita 47.5 a tsawo da 25 a tsaye, layi huɗu ke nan a kowace mita.

Ga misalin da za mu bi da shi har ƙarshe. Fili ne mai mita 30 a tsawo, mita 15 a faɗi, kewayensa mita 90. An bar mita 4 ta ƙofa, saura mita 86. Mai filin yana son katanga ta kai mita 2.1 a saman ƙasa, wajen ƙafa bakwai. A ƙarƙashin ƙasa, daga kan kankaren harsashi zuwa fuskar ƙasa, mun ɗauka layi uku ne. Wannan adadi na misali ne kawai, irin ƙasar wurin ce ke yanke zurfin harsashi. Za a zuba ginshiƙan kankare da rodi masu faɗin santimita 22.5 kusan kowace mita uku, guda 30 gaba ɗaya.

Hanya ta farko: faɗin fuska, a ninka da goma

Ita ce ta fi yawo a bakin mutane: ka ninka tsawo da tsayi, abin da ya fito ka ninka da goma, domin wai murabba'in mita ɗaya bulo goma yake ci. A misalinmu 86 sau 2.1 ya ba da murabba'in mita 180.6, bulo 1,806 ke nan. Minti ɗaya ya isa, ba ka buƙatar sanin komai sai tsawo da tsayi. A wajen sauƙi babu wadda ta kamo ƙafarta.

Daga ina goman ta fito? Fuskar bulo, 45 sau 22.5, ta ɗan haura kashi ɗaya bisa goma na murabba'in mita, don haka idan aka jera bulo babu kwaɓi ko kaɗan, 9.88 ne zai cika murabba'in mita. Aka cike shi zuwa goma. Amma ba a gina katanga babu kwaɓi. Da kwaɓin santimita 2.5, bulo 8.42 ne a murabba'in mita. Da kwaɓin santimita ɗaya, 9.25. Ma'ana goman nan ta riga ta haɗiye rara a cikinta, daga kashi 8 cikin ɗari har kusan kashi 19, gwargwadon hannun maginin. Wanda bai san haka ba sai ya ƙara kashi goma na fashewa a kai, ya biya rara sau biyu.

Kuskurenta yana iya faɗawa ta kowane ɓangare, kuma wannan ne ya sa ban yarda a sayi kaya da ita ba. Adadin 1,806 ɗin can bai san da layi ukun da ke binne ba, domin mutum tsayin da idonsa zai gani yake faɗa. Za mu ga a gaba cewa ya gaza da kusan ɗari biyu tun kafin a fasa ko ɗaya. Idan kuma aka tuna da harsashi aka ƙara santimita 75, sai lissafin ya koma 86 sau 2.85 sau goma, 2,451. Yanzu ya yi yawa, tunda ba a cire ginshiƙai ba, ba a kuma cire kwaɓi ba. A ƙara masa kashi goma, ya zama 2,696, rarar kusan ɗari shida a kan abin da ake buƙata. Bulon da ya yi saura ba ya komawa kuɗi da sauƙi. Yana zaune a rana da ruwa, gefensa na guntulewa, yara na hawa, kuma mai sayarwa ba lallai ya karɓa ba.

Ana iya gyara ta. Idan ka cire ginshiƙai, ka sa ainihin tsayin da za a gina, ka ninka da 8.42 a maimakon goma, amsar za ta zo daidai da ta hanya ta biyu. Sai dai wanda ya san duk waɗannan ya riga ya tara kayan hanya ta biyu a hannunsa.

Hanya ta biyu: layi-layi

Wannan tana bin yadda magini yake aiki. Shi ba ya ɗora murabba'in mita, layi yake ja da igiya, ya gama ya hau na gaba. Tambaya biyu ce kawai: bulo nawa ne a layi ɗaya, kuma layi nawa ne.

A fara da tsayi, domin nan ne hanya ta farko take makancewa. Mita 2.1 a raba da santimita 25 ya ba da layi 8.4, kuma babu mai ɗora guntun layi. Ko dai a tsaya a layi takwas, katanga ta zama mita 2 cif, ko a je tara, ta zama mita 2.25. Wannan shawara ce da mai fili zai yanke tun kafin a kira mota, domin layi guda a wannan filin bulo ɗari da sittin da wani abu ne. A ce ya zaɓi tara. Da ukun ƙasa, layi 12.

Sai tsawo. Ginshiƙi 30 sau santimita 22.5 sun cinye mita 6.75, a cire daga 86, saura mita 79.25 da bulo zai cika.

```
79.25 ÷ 0.475 = 166.8  →  167
167 × 12 = 2,004
```

A ƙara kashi biyar cikin ɗari na fashewa da yanka, bulo ɗari, ya zama 2,104. A aikace 2,100 za ka ce a kawo.

Amfaninta bai tsaya ga daidaito ba. Da zarar ka riƙe 167 a kanka, ka riƙe linzamin aikin. Idan aka yi shawarar sa inci tara a ƙasa, inci shida a sama, kamar yadda ake yawan yi don harsashi ya yi ƙarfi kuma kuɗi ya ragu, nan take ka san 501 ne na inci tara, 1,503 na inci shida. Idan kuɗi bai kai ba ka ce a tsaya a layi shida tukuna, ka san abin da za ka saya yau. Idan ka zo da yamma ka tarar an ja layi biyu cikakku, ka san wajen 334 ya kamata su bar tarin. In 400 suka bari, akwai abin tambaya, kuma amsar takan kasance a tarin guntayen da ke gindin katanga.

Rauninta shi ne ta dogara kacokan a kan awo biyu da mutane ke ɗauka a ka. Na farko kaurin kwaɓi. Da a ce maginin santimita 1.2 yake zubawa, layi ɗaya zai ci 172, jimilla 2,064, ƙarin sittin. Na biyu girman bulon. Ba kowane injin buga bulo ne ke fitar da santimita 45 cif ba. Idan naka 44 ne, layi ya koma 171, ƙarin 48 a layi goma sha biyu. Maganin duka biyun ba ya ɗaukar minti goma. Ka ɗauki tef ka auna bulo biyar daga wurare daban-daban na tarin da za ka saya. Sannan ka je wata katangar da maginin ya gina wadda ba a yi wa yaɓe ba, ka auna tsayin layi huɗu tare. In sun ba ka mita ɗaya, kwaɓinsa 2.5 ne. In sun ba ka santimita 95, ya fi kusa da 1.2.

Ɗayan raunin shi ne ta ɗauka ƙasa a shimfiɗe take kamar tabarma. Da wuya ta kasance haka.

Hanya ta uku: gurbi-gurbi

A nan takarda da fensir za ka ɗauka ka zana filin, ka sa kowane ginshiƙi a inda zai tsaya, ka ƙidaya bulon da ke tsakanin kowane biyu. Wannan tsakanin shi nake kira gurbi. Dabarar ita ce ka bar bulo ya yanke faɗin gurbin. Bulo shida da kwaɓi biyar a tsakaninsu sun ba da mita 2.825. Ka ƙara ginshiƙi ɗaya, mita 3.05. Gurbi ɗaya mai layi 12 ya ci bulo 72.

Gefen mita 30 yana ɗaukar gurbi tara cikakku, da guntu ɗaya na bulo huɗu da rabi. Haka ɗaya gefen. Bayan fili, mita 15, gurbi huɗu ne da guntu na bulo biyar. Gaba, idan ƙofa ta jingina da ginshiƙin kusurwa, gurbi uku ne da guntu na biyu da rabi. Cikakku 25 ke nan, bulo 1,800, guntaye huɗun kuma 198. Jimilla 1,998.

Shida kacal tsakaninta da hanya ta biyu, don haka mai karatu yana da haƙƙin ya ce to mene ne amfanin wahalar. Amfanin yana a abubuwa biyu da sauran hanyoyin ba sa nunawa.

Na farko yanka. Dole kowane layi ya karya haɗin na ƙasa da shi, bakin bulo ya faɗo a tsakiyar wanda yake ƙarƙashinsa, in ba haka ba katanga za ta tsage a miƙe. A gurbin bulo shida, layi ɗaya shida ne cikakku, na samansa kuma rabi, biyar, rabi. A layi 12 za a raba bulo guda shida gida biyu a kowane gurbi, a gurbi 29 kuwa bulo 174. Ka tsaya kusa da magini ka ga yadda abin yake. Zai kwantar da bulon a kan yashi, ya bi tsakiyarsa da bakin cokalin gini yana ƙwanƙwasawa kaɗan-kaɗan ta kowace fuska, sannan ya ba shi bugu ɗaya. Tsakiyar nan ita ce inda bangon da ya raba ramukan biyu yake, don haka rabi ɗaya yakan tafi da bangon, ɗayan ya fito da baki a buɗe. Bulon da ya sha siminti daidai, aka shayar da shi ruwa ya bushe a hankali, yana ba da rabi biyu masu amfani. Wanda yashi ya yi wa yawa, ko aka ɗauko shi yana ɗanye, sai ya ba da rabi ɗaya da tarin gari. Idan rabin 174 ɗin nan suka yi haka, ka rasa rabi 87, bulo arba'in da wani abu, wajen rabin rarar ɗari ɗin da ka ware, ba a ma zo kan waɗanda suka fashe wajen lodi da saukewa ba. Daga nan ne ake sanin ko kashi biyar ya isa. Bulon da ka goga da babban yatsa yashi ya zubo, ka ba shi kashi goma, ko kuma ka nemi wani, wanda ni shi na fi so, domin abin da ya ruguje a hannun magini damina ba za ta raga masa ba.

Na biyu gangare. Na taɓa tsayawa a kan aikin wata katanga da muka yi wa lissafin layi-layi, filin kuma a ido shimfiɗe yake. Da aka ja tiyon ruwa aka ɗauki ma'auni daga kusurwa zuwa kusurwa, maginin ya ɗago ya ce, "Maigida, bayan nan ya faɗa da layi biyu." Rabin mita ke nan a tsawon fili, kuma ciyawa ta rufe shi. A fili irin na misalinmu, idan ana son saman katanga ya tafi a miƙe, bangon baya gaba ɗaya zai ƙara layi biyu, bulo 58. Dogayen gefuna biyun kuma za su ƙara daga babu a gaba zuwa layi biyu a baya, a matsakaici layi ɗaya, bulo 117. Ƙarin 175 ke nan, ya haɗiye rarar duka ya nemi ƙari. A lissafin gurbi kowane gurbi da nasa yawan layin, ka rubuta 12 a nan, 13 a can, 14 a ƙarshe, harsashin ya sauka mataki-mataki a daidai ginshiƙi. Idan ma aka zaɓi saman katangar ya riƙa sauka da ƙasar don a rage bulo, a zanen ne za a ga inda kowane mataki zai faɗa.

Kuɗinta lokaci ne. Sai ka je filin da tef da tiyo, sai kun zauna da magini kun amince da wurin ginshiƙai da ƙofa, kuma idan aka matsar da ƙofar daga baya sai an sake ƙidayar gefen gaba. Rabin yini zai iya tafiya. Tana kuma da ribar gefe: tunda ka san ginshiƙi 30 ne da tsayin kowanne, lissafin rodi da katakon zuba kankare ya zo hannu.

| | Faɗin fuska sau goma | Layi-layi | Gurbi-gurbi |
|---|---|---|---|
| Amsa a misalinmu, babu rara | 1,806 ko 2,451 | 2,004 | 1,998 |
| Abin da sai ka sani | tsawo da tsayi | girman bulo, kwaɓi, harsashi, ginshiƙai | duk wannan, da zane da ma'aunin ƙasa |
| Lokaci | minti ɗaya | kwata awa, bayan awo | har rabin yini |
| Haɗarin kuɗi | gaira ko rara ta ɗaruruwa | kaɗan, a shimfiɗaɗɗen fili | mafi ƙanƙanta |
| Idan aka ƙara layi | ba ta san layi ba | ƙara 167 | ƙara a kowane gurbi |
| Idan akwai gangare | ba ta gani | ba ta gani | tana gani |

Akwai masu cewa a bar wa magini kawai ya faɗa. Gogaggen magini hanya ta biyu ko ta uku yake yi a kansa, kuma sau da yawa yana dacewa. Abin da ya kamata shi ne ka nemi ya warware maka adadin: nawa a layi, layi nawa a sama, nawa a ƙasa, ya cire ginshiƙai ko bai cire ba. Wanda ya yi lissafi zai amsa ba tare da inda-inda ba, kuma in kun saɓa za ku ga a inda kuka saɓa.

Wanda har yanzu yake tunanin ko aljihunsa zai ɗauki katangar bana, hanya ta farko ta ishe shi, da sharaɗin ya haɗa da abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuma kada ya ƙara mata rara. Adadin zai fi gaskiya yawa, wanda a matakin tanadi ba laifi ba ne. Kada dai ya biya kuɗin bulo da shi.

Wanda filinsa mai kusurwa huɗu ne, an ɗauki ma'auni an ga bai faɗa ba, kuma gobe zai yi odar kaya, layi-layi ce tasa. Haka wanda zai gina a hankali, layi kaɗan duk lokacin da kuɗi ya samu, da wanda ba ya zama a wurin aiki yana son hanyar bin sawun bulonsa.

Wanda filinsa yake da gangare, ko kusurwoyinsa sun karkace, ko yana da ƙofa fiye da ɗaya, ko zai bar saman katangar gaba a buɗe don ƙarfe ko bulon ado, ya zauna ya zana gurbi-gurbi. Haka ma wanda wurin aikinsa yake nesa da inda ake buga bulo, inda dawowar mota saboda guda tamanin zai fi bulon kansa tsada. Wanda kuma bulo yake kusa da shi, yana iya sayen na harsashi da layi biyun farko na sama, ya ƙidaya abin da suka ci a zahiri har da fasassu, sannan ya yi odar sauran layi bakwai da wannan adadin.